Manaja Ba Shi Da Lahadi

Takardar ofishin ƙwadago ranar Litinin ta zo. Ni na karɓa, ni na sa hannu, ni kuma na kai wa Kawu ita ofis. Ban buɗe ba, tambarin da ke bayan ambulan ya ishe ni. Kawu ya karanta sau biyu, ya cire tabarau, ya ajiye a kan tebur a hankali. Na san halinsa. In ya yi faɗa, abin da sauƙi. In ya ajiye abu a hankali, to kowa ya kama kansa.

"Manaja ya kai ni ƙara," in ji shi. "Wai na riƙe masa kuɗin obataim, na ƙarin lokacin aiki, har na shekara biyu. Ranar Alhamis jami'insu zai zo nan."

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina 'yar shekara tara da mahaifina ya rasu, shi ya biya mini makaranta har na gama jami'a, kuma ni da mahaifiyata a wani sashe na gidansa muke zaune a unguwar Abbaganaram. Asalinmu makiyaya ne. Kawu ya bi shanu da ƙafarsa kafin ya shigo Maiduguri ya zama dillali a kasuwar shanu, daga baya ya buɗe kamfanin sayar da maganin dabbobi da allurar rigakafi. Mu goma sha ɗaya ne ma'aikatansa. Ni ce mai kula da ma'aikata: takardun ɗaukar aiki, rajistar shiga da fita, albashi, duk a teburina suke.

Wanda Kawu ke kira Manaja kuwa, ni Baba nake ce masa. Dattijo ne siriri, marar yawan magana, yana zaune a unguwar Mairi, kuma shekararsa goma sha uku a sitonmu. Aikinsa ɗakin sanyi. Allurar rigakafi ba ta son zafi, in sanyin ya kauce daga awonsa ta lalace, kai kuma ba za ka gane ba sai shanun mutane sun fara faɗuwa. Saboda haka sau uku a rana yake duba ma'aunin sanyi ya rubuta: ƙarfe bakwai na safe, tsakar rana, da ƙarfe shida na yamma. In wuta ta ɗauke, ya tayar da janareta. In mota ta iso da kaya, ya sauke da kansa, ya jera. A shekarun nan wutar garinmu ta fi zama a ɗauke, motocin kaya kuma ba su da rana, sai yadda hanya ta bari. Ita firij ba ta san Lahadi ba.

Shekara biyu kafin zuwan wannan takarda Kawu ya tara mu, ya ba Baba babbar riga da hula, ya ce daga yau shi ne manajan sito. Aka yi fatiha, aka sha lemo. Ni na buga sabuwar takardarsa, ina ta jin daɗi. A da akawun sito ne, kuma tsohuwar takardarsa ta ce aiki daga takwas zuwa huɗu, Litinin zuwa Asabar, duk awar da ya ƙara a biya shi ita awa ɗaya da rabi. Sabuwar ta ba shi suna da ɗan ƙarin albashi, sauran sharuɗɗa kuma ta ce suna nan yadda suke, kamar yadda na tarar a samfurin da na kwafa. Daga watan nan Kawu ya ce in daina sa masa kuɗin ƙarin lokaci. "Manaja albashi yake ci," in ji shi, "ba ɗan dako ba ne da za a ƙirga masa awa." Na share layin daga lissafin albashinsa. Ko a jikina. Ina da digiri, na ɗauka duk wanda ke kan albashin wata ba shi da obataim, ban ma buɗe littafi na duba ba.

Kada a ce Kawu mugu ne, don ba mugu ba ne, shi ya sa ma abin ya yi mini wuya. Shi dai har yanzu a ruga yake lissafinsa. A can ba a biyan makiyayi da awa. Ka bi garke damina da rani, in lokaci ya yi mai shanu ya ware maka maraƙi, ya ce naka ne. Haka Kawu yake yi wa Baba: ragon layya duk shekara, buhun shinkafa da azumi, da matarsa ta kwanta asibiti shi ya biya. A ganinsa ya wuce albashi, ya kai ga zumunci, kuma wanda aka kai ga zumunci da shi ba ya duba agogo. Baba ma ɗan makiyaya ne, ya san wannan lissafi, shi ya sa ya yi shekara biyu bai ce uffan ba.

Abin da ya fasa ƙwai shi ne ɗaurin auren 'yarsa. Ranar Lahadi ne, ƙarfe goma na safe. Ya nemi hutun ranar tun saura mako biyu, Kawu ya ce ba komai. Da safiyar ranar sai direba ya bugo waya cewa ya iso da kaya, ƙanƙarar da ke cikin akwatunan ta fara narkewa. Kawu ya kira Baba. Baba ya ce, "Alhaji, yau ne fa." Kawu ya ce awa ɗaya ce, ya zo ya sauke ya koma, manaja ba shi da Lahadi. Janareta ya ƙi tashi, awa ɗaya ta zama uku. Kafin Baba ya isa Mairi an shafa fatiha, an raba goro, ƙaninsa ne ya karɓi gaisuwar mutane. Wani maƙwabcinsa da ke cikin ƙungiyar ma'aikata a wurin aikinsa shi ya nuna masa hanyar ofishin ƙwadago.

To, a wannan Litinin ɗin, da Kawu ya gama ajiye tabarau, sai ya ce in shirya rajistar ƙofa.

Ga yadda rajistarmu take. Littafi ne babba a ɗakin maigadi. Masallaci yana tsallaken titi, in an kira La'asar maza duk su fita tare, kuma tun da ƙofar suke bi, kowa sai ya tsaya ya sa hannu a layin fita ya rubuta ƙarfe huɗu. Mai tafiya gida ya wuce daga masallaci, mai sauran aiki ya dawo ya ci gaba, ba wanda ke sake taɓa littafin. Ba wanda ya ce a yi haka, al'ada ce ta tsiro da kanta. Ranar Lahadi kuwa littafin a kulle yake a durowata. Saboda haka in ka bi rajista, Baba bai taɓa wuce ƙarfe huɗu ba, bai kuma taɓa zuwa ranar Lahadi ba. Da hannunsa ya rubuta.

"Rajistar kaɗai?" na tambaya.

Kawu ya dube ni. Mu biyun mun san abin da nake nufi. Takardun awon sanyi, waɗanda Baba ke cikawa sau uku a rana da lokaci da sa hannu, duk ƙarshen wata likitan dabbobinmu yana dubawa ya miƙo mini in adana. Wata ashirin da huɗu, a fayil ɗaya, a durowar ƙasa.

"Waɗancan na likita ne, ba na ƙwadago ba," in ji shi. "Su zauna inda suke."

"Kawu, in jami'in ya tambaya fa?"

"Ke 'yata ce. Ba sai na ƙara komai a kai ba."

Bai ƙara ba kuwa, kuma na fahimta. In takardun nan suka fito daga durowa, ni da Kawu an yi baran-baran.

Na koma teburina raina a ɓace, kuma abin kunya, Baba na fara jin haushi, ba Kawu ba. Na ce dattijo da kai, ba ka iya zuwa ka same ni mu yi magana ba sai ka jawo mana hukuma? Da na huce kaɗan sai na buɗe dokar ƙwadago a wayata, abin da ya kamata in yi shekara biyu da suka wuce. Na karanta har aka tashi. Ban ji daɗin abin da na gani ba.

Ranar Talata na same shi a sito yana goge bakin firij da tsumma. Na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, har da tambayar mahaifiyata.

"Baba, me ya sa ba ka zo wurina ba?"

"Na zo wurinki ki yi yaya, 'yata? Ki je ki ce wa kawunki ya yi kuskure?" Ya matse tsumman a bokiti. "Ni ba kuɗin ne ya kai ni ba. Na je ne in tambaya ko gaskiya ne ba ni da Lahadi. Su suka ce in zauna in faɗa musu daga farko."

"Rajista fa ta ce ƙarfe huɗu kake tashi."

"Na sani. Ni na rubuta."

"To, da me za ka kafa hujja?"

Ya juya ya dubi takardar watan da ke rataye a jikin ƙofar ɗakin sanyi, ya sake dubana.

"Ba zan ambace su ba," in ji shi. "Suna hannunki. In na ambata na sa ki tsakanin wuta biyu, ke kuma a gidansa kike. Allah ya san abin da na yi, ya isa."

Da ma ya roƙe ni, da na fi samun sauƙi, don da na ce ya matsa mini in ji haushinsa. Sai ya sauke mini kayan duka a ka ya koma gugarsa. Na fito ina jin kamar in yi kuka, ina kuma jin kamar in zage shi.

Ranar Laraba da yamma na gaya wa mahaifiyata, tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ban gama ba ta ɗaga hannu.

"Ba ruwanki. Takarda ce, ki bar ta ta kwanta. Wa ya ɗauke mu lokacin da dangin ubanki suka juya baya?"

"Inna, haƙƙin mutum ne."

"Shi wanda ya ciyar da ke ba shi da haƙƙi?" Ta ci gaba da tsintar. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Amma in an tambaye ki, kada ki rantse a kan ƙarya. Ki dai roƙi Allah kada a tambaye ki."

Da wannan na kwana, gaba kura baya sayaki, ina roƙon kada a tambaye ni.

Jami'in ya iso ƙarfe tara na safiyar Alhamis a keke napep, da jakar fata da ta ji jiki. Babarbare ne, gajere, mai furfura a gemu, Hausarsa da nauyin harshen garinmu. Ya ce, "Wushe, Alhaji, nda watu," Kawu ya amsa masa da Barbarci, suka gaisa doguwar gaisuwa kamar ba rigima ce ta kawo shi ba. Aka kawo shayi, bai sha ba. Muka zauna mu huɗu a ofishin Kawu: shi, Kawu, ni da rajista a cinyata, sai Baba a kujerar bakin ƙofa, ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki.

Tun farko jami'in ya ce shi ba alƙali ba ne, sulhu ya zo yi. In sulhu ya ƙi, akwai kotun ma'aikata, can za a yanke.

Kawu ya fara. Ya kawo rigar naɗi, ya kawo rago, ya kawo shinkafa da kuɗin asibiti. Ya ce mutumin nan manaja ne, albashin wata yake karɓa, kuma kowa ya san mai albashi ba shi da obataim.

"Kowa ya sani, amma doka ba ta sani ba, Alhaji," in ji jami'in. Ya yi bayani a tsanake, kamar mai koya wa yaro alwala. Ya ce doka ba ta yanke wa kowa awa takwas ba. Lokacin aiki shi ne wanda aka amince a kai tsakanin mai aiki da ma'aikaci, ko tsakanin kamfani da ƙungiya, kuma duk awar da aka buƙaci ma'aikaci ya yi sama da wannan, ita ce ƙarin lokaci. Ko kullum ake biyan mutum, ko mako, ko wata, wannan bai canza komai ba. Waɗanda dokar ta ware su ne masu aikin gudanarwa da shugabanci da aikin ƙwararru, kuma ba sunan kujera ake dubawa ba, aikin da mutum ke yi da hannunsa ake dubawa.

Sai ya juya wurin Baba.

"Malam, mutum nawa ne a ƙarƙashinka?"

"Babu."

"Kana ɗaukar ma'aikaci ko ka sallama?"

"A'a."

"Kai kake yanke kayan da za a sayo? Kana sa hannu a fitar da kuɗi?"

"Alhaji ne da likita."

"To, mene ne ya canza a aikinka ranar da aka ba ka riga?"

Baba ya yi tunani da gaske. Ya ce, "An ba ni mabuɗin ƙofar waje."

Na ga gefen bakin jami'in ya motsa, amma ya danne. Kawu ya ce ai kula da ɗakin sanyi aikin ƙwararru ne. Jami'in ya ce Alhaji yana iya kai wannan hujja kotu, ba zai hana shi ba, amma a ganinsa mai duba ma'auni ya rubuta lamba, ya ɗauki kwali, ya ja igiyar janareta, ma'aikaci ne da doka ta rufe. Ƙwararren shi ne likitan da ke karanta lambar ya yanke hukunci. Ya ƙara da cewa ko da an ce Baba manaja ne na gaske, sai an duba takardarsa, don abin da aka yi wa mutum alkawari a rubuce nasa ne, ko doka ta ware shi ko ba ta ware shi ba. Ya karɓi takardun biyu daga hannuna, tsohuwa da sabuwa, ya jera su. Ya ce doka ba ta faɗi nawa za a biya awar ƙari ba, yarjejeniya ce ke faɗa, ga shi kuma tsohuwar ta faɗa, sabuwar ba ta soke ba. Rago da shinkafa kuwa, ya ce Allah ya saka wa Alhaji da alheri, kyauta ce, ba a cire ta daga lada.

"Lahadi fa?" Baba ya tambaya. Wannan ce kaɗai tambayar da ya yi a zaman.

Jami'in ya ce a kowane kwana bakwai ma'aikaci yana da yini guda cur na hutu, awa ashirin da huɗu a jere. In aka taɓa masa, ko dai a rama masa cikin mako biyu, ko a biya shi da farashin ƙarin lokaci.

Baba ya gyaɗa kai, ya sunkuya. Ni kuwa na ga inda aka dosa.

Kawu bai girgiza ba. Ya ce to madalla, duk ya ji, amma sai in an yi awannin. Ya miƙo hannu, na ba shi rajista, ya buɗe a gaban jami'in. Ƙarfe huɗu, ƙarfe huɗu, ƙarfe huɗu, shafi bayan shafi, da rubutun Baba. Jami'in ya daɗe yana juyawa.

"Malam, hannunka ne wannan?"

"Hannuna ne."

"Ƙarfe huɗu kake tafiya gida?"

"A'a. Masallaci muke zuwa, in dawo."

"Kana da abin da zai nuna ka dawo?"

Fanka tana juyawa a sama. Na ji ƙarar janareta daga bayan sito. Baba ya dubi ƙasa tsakanin ƙafafunsa, ya ce, "Allah ya sani."

Jami'in ya ce Allah kam ya sani, amma shi takarda zai kai ofis. Ya ce in babu wata shaida, ba zai iya matsa wa Alhaji a kan awanni ba, sai dai Baba ya nemi shaidu ya tafi kotu, wannan kuwa doguwar hanya ce. Ya rufe rajistar. Na ji sanyi a raina, wallahi na ji, kuma har yau ina jin kunyar wannan sanyin. Ya fara mayar da biro aljihu, sai kuma ya tsaya, ya juyo.

"Hajiya, ke ce mai riƙe da takardun ma'aikata. Ban da wannan littafi, akwai wani rubutu a kamfanin nan da ke nuna lokacin da mutumin nan yake bakin aiki?"

Ban dubi Kawu ba, amma na ji idonsa a gefen fuskata. Na so in ce sai na duba. Kalmomin har sun zo bakina, kuma ba ƙarya ba ce tsagwaronta. Sai na ga Baba ya ɗago yana girgiza mini kai a hankali, wato in bari. Wannan ne ya ƙona mini rai. Mutum ya rasa ɗaurin auren 'yarsa saboda layin da na share da hannuna, yanzu kuma shi ke kare ni.

"Akwai," na ce.

Daga ofishin Kawu zuwa teburina taku goma sha biyu ne. Durowar ƙasa tana da taurin kai, sai da na durƙusa na ja da hannu biyu. Na dawo na ajiye fayil ɗin a kan tebur.

Jami'in ya buɗe. Kowace takarda wata guda, kowace rana layi uku, har Lahadi, har ranakun Salla. A saman kowace akwai umarnin a duba bakwai na safe, tsakar rana, shida na yamma, kullum, da sa hannun likita da na Kawu. A gefe Baba yana rubuta lokacin da wuta ta ɗauke da lokacin da mota ta iso. Jami'in ya ce wannan ya nuna abu biyu: an yi awannin, kuma kamfani ne ya buƙaci a yi su. Ya nemi Lahadin auren, ya same ta. Ya sa yatsa a kai, ya juya takardar ta fuskanci Kawu.

Kawu ya karanta. Ya daɗe a kan layin nan fiye da yadda karanta shi ke buƙata. Sannan ya ce, "A lissafa. Zan biya."

Ba duk abin da maƙwabcin Baba ya ƙiyasta masa aka ba shi ba. Jami'in ya cire awar hutun rana, ya ce ranakun Lahadi za a ƙirga lokacin da aikin ya ci ne, ba yini sukutum ba, sai ranakun da mota ta riƙe shi. Ni da jami'in muka zauna kwana biyu muna haɗawa. Aka amince a biya kashi uku, aka kuma rubuta cewa ranar Lahadi wani ne zai riƙa duba ɗakin sanyi, a ba shi hutun Litinin. Da zai tafi na raka shi ƙofa, na tambaye shi ni fa, don ni ma nakan kai biyar da rabi a ofis. Ya nemi takardata ya duba. Ya ce ni aikin gudanarwa nake yi, wannan sashe na doka bai rufe ni ba, takardata kuma ta ce albashina ya haɗa duk lokacin da aiki ya buƙata. "Ke ba ki da komai, Hajiya," in ji shi, "sai dai lada." Likitanmu kuwa, duk da ƙwararre ne, takardarsa ta yi masa alkawarin alawus in an kira shi ranar hutu, shi ma sai da aka ba shi nasa.

Kawu bai kori Baba ba, bai kore ni ba, bai ce wa mahaifiyata komai ba. Ya biya kashi na farko a ƙarshen watan ba tare da an tuna masa ba. Na fara cewa a raina ƙila tsakanin harshe da haƙori ne, za ta wuce. Kwana huɗu ya yi a Kano wurin sayen kaya, na yi ta tsara yadda zan durƙusa in ba shi haƙuri, ba don na yi laifi ba, don dai shi ne babba.

Ranar da ya dawo ya kira ni ofis da hantsi. Ya miƙo mini sabuwar takarda da lauya ya rubuta. Aikina daga takwas zuwa huɗu, Litinin zuwa Asabar, duk awar da na ƙara da izininsa a rubuce za a biya ni. Ya ce in karanta da kyau kafin in sa hannu. Na ce Kawu ni ban nemi wannan ba. Ya ce ya sani, amma gara komai ya zama a rubuce. Na sa hannu.

Tun ranar da na fara aiki a motarsa nake komawa gida. Yakan gama nasa wajen biyar da rabi, in jira shi, mu tsaya a hanya ya sayi gasasshen kifi, ya yi ta ba ni labarin shanun da ya sani da sunansu. Ranar nan ma na zauna ina jiransa, ina ta maimaita haƙurin da zan bayar. Huɗu da kwata ya fito zai shiga sito, ya gan ni a teburina, ya duba agogonsa.

"Malama," in ji shi, "lokacinki ya cika. Ban ba da izinin ƙari ba."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Na ɗauki jakata, na je ɗakin maigadi na rubuta huɗu da minti goma sha bakwai. Na tsaya a bakin titi, motarsa tana bayana a inuwar dogon yaro. Da keke napep ya tsaya, sai da na tambayi mai keken nawa ne zuwa Abbaganaram, don ban sani ba.